Allon Kanban a tawagar masu zane: katin da ke jiran amsa ma aiki ne

Akwai wani yanayi da duk wanda ya taɓa zama cikin tawagar masu zane ya sani. Kowa na kan kujerarsa tun safe, babu mai zaman banza, amma idan aka zo ƙarshen mako aka tambayi me aka gama, sai a rasa abin nunawa. Sashen talla na jiran fosta, masu manhaja na jiran zanen shafin rajista, ofishin shugaba na jiran a gyara masa takardun gabatarwa, kuma kowannensu an riga an ce masa "an fara naka". Ba ƙarya aka yi musu ba, an fara ɗin. Matsalar ita ce an fara abubuwa da yawa fiye da yadda za a iya kai su ƙarshe, don haka duk suka tsaya a tsakiyar hanya.

Allon Kanban mai iyakar aiki an yi shi ne don wannan ciwo. Asalin tsarin daga masana'antar motoci ta Toyota ne, inda Taiichi Ohno ya gina shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu domin kada wani sashe ya ƙera kaya sai sashen da ke gabansa ya nema. David J. Anderson na cikin waɗanda suka ɗauko shi zuwa aikin manhaja, tun daga wata tawaga a Microsoft a 2004. Siffarsa ba ta da wuya: allo ne da aka raba layi-layi daga hagu zuwa dama, kowane layi mataki ne na aiki, kowace buƙata kuma kati guda ce da ke tafiya daga layi zuwa layi. A saman kowane layi akwai lamba, ita ce iyakar katin da aka yarda ya zauna a wurin lokaci guda. Idan layi ya cika, babu katin da zai shiga sai wani ya fita.

Abin da nake so na tsaya a kai shi ne wurin da masu zane suka fi yin kuskure, wato katin da ya bar hannun mai zane yana jiran wani ya duba ya ce ya yi ko bai yi ba. Tawagogi da yawa suna sa iyaka a layin zane, su bar layin jiran amsa a buɗe, da hujjar cewa ai wannan ba a hannunmu yake ba. A ganina wannan ɗaya ne ya fi komai rusa tsarin, kuma zan nuna dalili da lissafi.

Mu ƙaddara tawaga ce ta mutum biyar, masu zane huɗu da shugabar tawaga wadda ita ke duba kowane aiki kafin ya fita. Lambobin da za su biyo baya na misali ne, kowace tawaga sai ta ƙirga nata. Ranar da suka fara kafa allo, suka rubuta duk abin da aka taɓa fara taɓawa ba a gama ba, suka sami kati 24. Tara ana kan zana su, huɗu na jiran shugaba ta duba, tara an aika wa masu buƙata ana jiran amsarsu, biyu kuma ana shirya fayilolinsu don miƙawa. Suka koma baya suka duba makonni shida da suka wuce, suka ga sun miƙa aiki 36, wato kati shida a mako.

Da waɗannan lambobi biyu ana iya sanin tsawon lokacin da kati ke ɗauka, ta hanyar wata ƙa'ida da John Little ya tabbatar a 1961:

```
matsakaicin lokaci = katin da ke buɗe ÷ katin da ake gamawa a mako
24 ÷ 6 = mako 4
```

Ma'ana, duk wanda aka fara aikinsa yau, a matsakaici sai bayan mako huɗu zai karɓa. Idan ka tambayi masu zanen kwana nawa hannunsu ke yi a kan kati ɗaya, ƙila su ce kwana uku. Mako huɗu kwanakin aiki 20 ne, ke nan kwana 17 katin yana kwance ne kawai, ko a teburin mai zane yana jiran a dawo kansa, ko a akwatin saƙon wani manaja. Wanda ya ga haka ya ce a ƙara sauri wajen zane, kwana ukun nan yake son ragewa, alhali asarar tana cikin sha bakwai ɗin. Ƙa'idar kuma ta nuna inda maganin yake. Idan aka ci gaba da gama shida a mako amma katin da ke buɗe ya sauko 12, lokacin ya koma mako biyu, ba tare da an ɗauki sabon ma'aikaci ko an sa wani kwana a ofis ba.

Sai dai a lura, ƙa'idar tana magana ne a kan matsakaici, kuma tana aiki ne idan abin da ke shiga ya yi kusa da abin da ke fita, kuma katin da ya shiga yana fita ta ƙarshe. Ba za ta gaya maka ranar da fosta kaza za ta fito ba. Amfaninta shi ne ta ba ka lambar da za ka fara da ita.

To, yaya za a raba sha biyun? Tawagar misalinmu za ta iya cewa layin "Ana zane" ya ɗauki biyar, wato ɗaya ga kowane mai zane da guda na rara. Layin "Duban shugaba" biyu, domin mutum ɗaya ce ke yinsa kuma tana da tarurruka. Layin "Jiran amsa" uku, layin "Miƙawa" biyu. Kafin waɗannan akwai layin "Shirye", inda ake ajiye buƙatun da aka tantace aka jera su bisa fifiko, shi ma a sa masa iyaka kamar shida, daidai da abin da ake gamawa a mako. Can baya kuma akwai tarin buƙatun da ba a yi wa kowa alkawari a kansu ba. Agogon kati yana fara bugawa ne daga ranar da mai zane ya jawo shi daga "Shirye".

Saukowa daga 24 zuwa 12 ba ya buƙatar a jefar da komai. Abin da ake yi shi ne a daina jawo sabon kati, a ci gaba da gama na hannu. Da shida a mako, cikin mako biyu an sauko. Waɗannan makonni biyu su ne mafi wuya a duk tafiyar, domin masu buƙata za su ga an ƙi fara nasu, su ɗauka an yi watsi da su. Dole shugabar tawaga ta riga su magana, ta gaya musu abin da ake yi da ranar da za a sake buɗe ƙofa. Idan tawaga ta ga ba za ta iya jure wannan ba, ta fara da 18, bayan makonni ta rage.

Yanzu mu koma kan layin jiran amsa. A ce an bar shi babu iyaka. Mai zane ya gama daftarin fosta, ya aika wa sashen talla, ya matsar da katin, gurbinsa ya buɗe, ya jawo sabo. Bayan kwana uku ya sake aikawa, ya sake jawowa. A allo komai na tafiya daidai, layin zane bai taɓa wuce biyar ba. Amma kusan kowane katin da ke jiran amsa zai dawo da gyara, haka aikin zane yake, da wuya a karɓi daftarin farko yadda yake. Kuma amsoshin ba sa dawowa a jere. Wata safiya sai huɗu su faɗo lokaci guda, kowanne da "a ɗan ƙara girman tambarin" ko "a canza launin nan kafin gobe". Mai zanen da allo ya ce kati ɗaya ne a hannunsa ya wayi gari da biyar. Sai ya ajiye sabon da ya fara, ya buɗe fayil ɗin da rabonsa da shi kwana goma, ya zauna yana tuno dalilin da ya sa ya zaɓi wancan rubutun, da abin da aka ce a taron farko. Wannan tunowar tana cin lokaci, kuma babu inda ake rubuta ta. An gudu ba a tsira ba ke nan: aikin da ke buɗe yana nan yadda yake, an dai kai shi layin da ba a ƙirgawa.

Idan kuwa layin yana da iyakar uku, abin da ke faruwa daban ne, kuma yana da kyau a bi shi daki-daki. Ranar Laraba wani mai zane ya gama daftarin shafin rajista. Ya ɗaga kai ya ga layin duban shugaba yana da biyu, ya cika. Shugaba ta riga ta duba ɗaya daga ciki, amma ba za ta iya turawa gaba ba saboda jiran amsa na ɗauke da uku. Don haka katinsa ya tsaya a layin zane da alamar an gama wannan mataki, kuma ba shi da izinin jawo sabo. A nan ne mutane ke cewa tsarin ya hana su aiki. Abin da aka hana shi kawai shi ne fara sabon aiki, kuma allo ya nuna masa inda ake buƙatarsa.

Sai ya karanta allon daga dama zuwa hagu, domin na daman su suka fi kusa da fita. A layin miƙawa akwai kati biyu, ɗaya na abokin aikinsa ne da ya rage a fitar da hotuna a girma daban-daban a sa musu suna. Aikin awa ɗaya ne, ya karɓa ya gama, kati ya fita. A layin jiran amsa ya ga ɗaya ya kwana shida a wurin manajan talla. Maimakon a sake tura saƙo na uku, sai ya ɗauki kwamfutarsa ya je ofishin, ko ya kira. "Ranka ya daɗe, minti goma kawai nake nema, mu dubi fostar nan tare. Tana tsare da ayyuka biyu a bayanta, ɗaya ma na sashenku ne." Sau da yawa amsar da ta ƙi zuwa kwana shida a rubuce tana fitowa a wannan minti goman. Katin ya wuce miƙawa, gurbi ya buɗe, shugaba ta tura nata, katin mai zanen ya shiga duba, sannan ya jawo sabo daga "Shirye". Ya yi rabin yini bai zana komai sabo ba, amma aiki ɗaya ya fita kuma uku sun motsa.

Wannan shi ne ainihin amfanin lambar. Kafin a sa ta, jinkirin manajan talla bai dami kowa ba, domin masu zane suna da sabon abin da za su kama. Da aka sa ta, jinkirin ya zama abin da ya tsayar da tawaga, ya zama dole wani ya tashi ya bi shi. Ni dai ban ga wata hanya da ta fi wannan sa tawaga ta ɗauki jiran amsa a matsayin aikinta ba.

Za a ce, to idan mai buƙata ya yi tafiya, ko ya yi shiru ƙememe, sai tawaga ta zauna tana kallon allo? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta yarjejeniya ce da ake rubutawa tun kafin rigima ta taso. Misali, kati ya kwana uku na aiki babu amsa, a kira mutum. Ya kai biyar, a cire shi daga allon a mayar da shi tarin buƙatu, a sanar da mai shi cewa idan ya shirya zai bi layi kamar kowa. A rubuta irin waɗannan a gefe, domin katin da ya fita ta baya ba gamawa ba ne, kuma idan ba a ƙirga su daban ba lissafin lokacin zai yi kyau na ƙarya. Haka kuma kafin kati ya shiga "Shirye", a tabbata an rubuta sunan mutum ɗaya da ke da ta cewa ta ƙarshe a kansa. Katin da mutum huɗu za su amince da shi, kowa da ra'ayinsa, shi ke tsufa a layin jira. A haɗa da girman zane, rubutun da za a sa a ciki, da inda za a yi amfani da shi. Mai zanen da ya fara fosta kafin a ba shi rubutun, aiki biyu zai yi.

Akwai kuma tambayar inda kati zai zauna idan ya dawo da gyara. Wasu na mayar da shi layin zane, sai a tarar layin ya cika, a fara gardama. Abin da na fi so shi ne ƙaramin gyara a yi shi katin yana inda yake, da alama a kansa, kuma mai shi ya fifita shi a kan sabon da ke hannunsa. Idan kuwa mai buƙata ya dawo da sabon tunani gaba ɗaya, ya ce yanzu bidiyo yake so maimakon fosta, wannan sabuwar buƙata ce, a rufe tsohon kati a buɗe wani a baya. Tawagogi da yawa suna ƙayyade zagayen gyara biyu, na uku sai an zauna. Ba don rowa ba ne, sai don katin da ya zaga sau biyar yana nuna tun farko ba a fahimci juna ba.

Aikin gaggawa na gaskiya yana faruwa, don haka a ware masa hanya ta kwance a saman allon mai ɗaukar kati ɗaya tak. Idan na biyu ya zo, masu su biyun su sasanta wanne zai fara, tawagar zane ba ita za ta raba musu gardama ba. In aka ga hanyar ba ta taɓa zama babu kowa ba, to kalmar gaggawa ta zama hanyar tsallake layi.

Wanda ke ajiye allonsa a manhaja irin su Jira ko Trello ya san cewa yawanci nuni take yi, ba ta hanawa. A Jira, idan aka sa `Max` a kan layi kuma aka wuce shi, layin yana yin ja, amma katin zai shiga. A Trello ma ƙarin da ake kira List Limits yana canza launin layin ne kawai. Don haka iyakar tana hannun mutane. Babbar alamar cewa tsarin ya mutu ita ce layi ya kwana biyu da ja, a yi taron safe a gabansa babu wanda ya ce uffan.

Akwai wasu alamun da ya kamata a riƙa lura da su. Idan wata guda ya wuce babu wanda iyaka ta taɓa tsayarwa, lambar ta yi yawa, a rage ɗaya. Idan kullum mutum biyu ko uku ne a tsaye, sun bi allon daga dama babu abin taimakawa, ta yi kaɗan, a ƙara ɗaya a jira mako biyu kafin a sake taɓawa. Alamar da ta fi ɓuya ita ce allo ya yi tsaf amma adadin gamawa ya faɗi daga shida zuwa huɗu. Yawanci dalilin shi ne buƙatu sun koma bi ta bayan gida: wani ya turo saƙo kai tsaye ga mai zanen da suka saba, "don Allah ɗan taimaka min, ba zai ci minti biyar ba". Mai zane yana jin nauyin ya ce a'a, musamman ga wanda ya girme shi a ofis. Bai kamata a bar masa wannan nauyin shi kaɗai ba. A ba shi amsar da kowa ya sani, cewa zai sa a allo shugaba ta gani, kuma shugabar ta tsaya masa idan aka kai ƙara.

Girman kati ma yana iya ɓata lissafi. Ba sai sun zama daidai ba, amma idan "sake fasalin manhaja gaba ɗaya" kati ɗaya ne, "gyara hoton talla" ma kati ɗaya ne, na farkon zai toshe gurbi wata biyu. A farfasa shi zuwa yankunan da kowanne za a iya dubawa a amince da shi shi kaɗai, kamar shafin rajista, shafin biyan kuɗi, shafin saituna. Haka nan idan mutum ɗaya ne kawai ya iya zane mai motsi, iyakar biyar ba za ta kare shi ba, domin uku daga ciki na iya zama nasa. Irin wannan sai a sa wa nau'in aikin iyakarsa daban.

Abu na ƙarshe shi ne wanda dole a faɗa wa shugabanni tun farko. Iyaka ba ta ƙara hannu. Mai yiwuwa adadin gamawa ya ɗan hau saboda an rage tsalle daga aiki zuwa aiki, amma kada a yi alkawarinsa. Idan buƙatu tara ke shigowa a mako kuma shida ake gamawa, uku za su taru a baya kowane mako, bayan mako goma sun zama 30. Kafin allon, waɗannan ukun suna ɓuya ne a cikin "an fara naka". Yanzu suna tsaye a fili ba a taɓa su ba, kuma dole wani ya yanke hukunci a kansu. Shi ya sa ake buƙatar ɗan zama sau ɗaya a mako, na rabin awa, inda wakilin talla da na manhaja da na ofishin shugaba za su zauna da shugabar tawaga. Ta ce musu gurbi nawa ya buɗe a "Shirye", su kuma su zaɓi waɗanda za su shiga. Abin da ya wuce zama huɗu ba a zaɓe shi ba, a tambayi mai shi ko har yanzu yana so. Idan duka suna so kuma tarin yana ta ƙaruwa, shugabar tawaga tana da lambobin da za ta kai gaba: tara na shiga, shida na fita, sai a zaɓa tsakanin ƙara mai zane da rage abin da ake nema.